Neman ganawa da Gwamna: yadda ƙungiyoyinmu suka rubuta takarda

Sakataren ƙungiyar unguwa, Rigasa: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta yanke shawarar neman ganawa da Mai Girma Gwamna a kan magudanar ruwan da ke ambaliya cikin gidajenmu duk damina. Ina roƙon waɗanda suka taɓa kai irin wannan takarda Gidan Sir Kashim Ibrahim, fadar gwamnatin Jihar Kaduna, su faɗa mana yadda suka tsara ta.

Dattijo mai ritaya, Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam. Da ƙungiyar garinmu ta nema, shafi ɗaya muka rubuta a kan takarda mai tambarinmu, da sa hannun shugaba da sakatare. Tun a sakin layi na farko muka faɗi buƙata guda, wato gyaran gadar da ta raba mu da kasuwa, domin jami'in da zai karanta yana son ya san ma'aikatar da zai nemi bayani daga gare ta kafin a sa rana. Takardar da ta haɗa hanya da asibiti da neman aiki ba ta da mai ita, kowa sai ya tura wa wani. Mu bakwai muka je, kuma mun jera sunan kowa da muƙaminsa da lambar wayarsa, muka nuna wanda zai yi jawabi, saboda da wannan jerin ake tantance mutane a bakin ƙofa. Ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, domin da shi za ku bi sawu.

Shugabar ƙungiyar mata, Tudun Wada: Baba ya yi gaskiya game da sunaye. Wata dattijuwarmu da aka ƙara a safiyar ranar a waje ta jira mu. Amma ni a ganina, takardar da ba ta bi ta hannun ɗan majalisar mazaɓa ba, ba ta isa ko'ina.

Dattijo mai ritaya: Hajiya, sa bakinsa yana gaggauta lamari, amma ba sharaɗi ba ne, tamu babu shi a ciki.

Matashi, Kawo: Mu a wajen bikin buɗe wata makaranta muka miƙa tamu ga wani hadimi, kuma ya karɓa hannu bibbiyu.

Shugabar ƙungiyar mata: Ɗana, wannan miƙa koke ne, ba neman ganawa ba. Wa ya buga maka hatimi?

Ma'ajin ƙungiya, Kakuri: Mu mun rubuta "ziyarar ban-girma" alhali rijiyar burtsatse muke nema, kuma wani kwamishina ne ya karɓe mu a madadin Gwamna, ya saurare mu tsaf. Har yau muna gardama ko kalmar ce ta jawo haka.

Sakataren ƙungiyar unguwa: Allah ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya: ta hannun Shugaban Ma'aikatan Fadar Gwamnati za mu aika, ko ta Sakataren Gwamnatin Jiha? Kwamitinmu ya rabu biyu a kai.