Muhawara: Shin mai yawan "am" da "ka gane" bai san abin da yake faɗa ba ne?

Ɗan Autan Zaure: Ni dai a wurina duk wanda ke cika maganarsa da "am", "wato" da "ka gane" bai shirya ba. A cire su gaba ɗaya, shi ke nan.

Tsohon Ɗan Rediyo: Ɗana, ka haɗa abubuwa uku a buhu guda. "Am" da "ee" suna fitowa ne lokacin da mutum ke laluben kalma. A 1991 masanin halayyar ɗan Adam Stanley Schachter da abokan aikinsa sun ƙirga irin wannan a laccocin Jami'ar Columbia, suka tarar malaman fannin adabi da tarihin zane-zane sun fi na kimiyya yawan yin sa. Ba don sun fi jahilci ba, sai don hanyoyin faɗin abu guda sun fi yawa a fanninsu, dole su tsaya su zaɓa. "Ka gane" kuwa neman tabbaci ne daga mai sauraro. Su "dai", "fa" da "kam" ba ciko ba ne ko kaɗan. "Zan zo fa" da "zan zo dai" ba magana ɗaya ba ce.

Ɗalibar Aji Huɗu: Baba, ni abin ya shafe ni, don na kusa kare kundina. Na ɗauki muryata a waya, ga abin da na ji: "To, am, wato abin da na gano, ka gane, shi ne, am, manoman da suka, wato, suka yi amfani da takin gargajiya dai sun fi samun amfanin gona." Da na haddace jawabin kuma, ƙawata ta ce kamar ina karanta sanarwar rasuwa.

Tsohon Ɗan Rediyo: Madalla da kika ɗauka, 'yata. Kada ki tsaya ga ƙirga su, duba inda kowanne ya faɗo. "Am, wato" na farko ya zo ne don kin buɗe baki kafin ki san inda jimlar za ta sauka. Maganinsa ki rufe baki, ki ja numfashi ta hanci, sannan ki fara. Bakin da ke rufe ba ya cewa "ee". "Ka gane" ɗin nan ki mayar da shi kallo: ɗaga kai ki dubi malaman, fuskarsu za ta gaya miki ko sun gane. "Am" ɗin da ya biyo bayan "shi ne" ki bar gurbinsa shiru na daƙiƙa ɗaya, domin a nan ake jiran sakamako, shirun ma ƙara masa nauyi zai yi. Ke za ki ji kamar ya yi tsawo, su ba za su ji haka ba. "Wato" na tsakiya alama ce jimlar ta yi miki tsawo, sai ki raba ta biyu. Amma "to" da "dai" ki bar su. "Dai" ɗin ne ke nuna a kan waɗannan manoman kawai kike magana. Haddar kuma ki daina. Riƙe kanun magana a 'yar takarda, ki faɗi kowanne sau da yawa da kalmomi daban. Mai hadda idan kalma ɗaya ta kuɓuce masa, jawabin duka ke tsayawa.

Maman Biyu: Yarona ma haka yake maimaita harafin farko, sai na ce ya yi shiru ya sake. Wannan dabarar za ta yi masa?

Malamar Firamare: A'a Hajiya, wannan ya yi kama da in'ina, wani abu ne daban. Tsayar da shi a tsakiyar magana na iya ƙara masa fargaba. Ki bari ya gama, in abin ya daɗe ki kai shi a duba. A kan namu batun kuwa, ina tare da Auta a rabi. A ƙungiyar Toastmasters ta masu koyon jawabi har mutum guda ake naɗawa yana ƙirga wa masu jawabi "am" ɗinsu. Da ba aibi ba ne, wa zai yi wannan wahala?

Tsohon Ɗan Rediyo: Malama, ƙirgar tana sa mutum ya ji kansa, wannan amfaninta ne. Amma wanda ya mayar da hankali kan kada ya ce "am" yakan manta da mai sauraro, daga nan maganar ke sandarewa. Shi ya sa nake cewa a ɗauki kalma ɗaya, wadda ta fi yawa, a yi ta fama da ita a hira ta gida, ba ranar jawabi ba.

Ɗan Autan Zaure: Na yarda da batun "dai" da "fa". Amma "ka gane" ban yafe masa ba. Ce wa dattijo "ka gane" sau uku ka ga yadda zai kalle ka.

Malamar Firamare: Wannan gaskiya ne. Sai dai a waya fa? Ka yi shirun nan na Baba, wancan ya fara "Hello, kana ji na?", ko ya karɓe maganar kafin ka gama. A can kam "am" ɗin ne ke riƙe maka layi.

Ɗalibar Aji Huɗu: To idan malami ya jefo min tambayar da ban shirya ba, shirun zan yi ko me?

Tsohon Ɗan Rediyo: Maimaita tambayar a taƙaice da bakinki, kafin ki gama amsar ta fara zuwa. Batun waya kuwa, Malama, ban da ja: shiru yana aiki ne inda ake ganin fuskarka.