Tsakanin na'urar karatu da ta wasa

Wani ƙanenmu da ke karatun injiniya a jami'ar KNUST ya kawo ƙaramar matsala majalisarmu ta Aboabo, a nan Kumasi. Kuɗin da kawunsa ya turo na kwamfuta ɗaya ne, zuciyarsa kuma ta rabu biyu: laftof mara nauyi ta karatu, ko jibgegiyar nan ta wasa.

Mai gyaran kwamfuta da ke cikinmu ya fara da batir. Ya ce ta wasa tana da katin hoto na daban mai shan wuta, idan aka matsa mata da ƙyar take yin awa 2 ba caji, ga nauyin fiye da kilo 2 ban da caja. "Ƙanena, ranar da dumso, wato ɗaukewar wuta, ya kama ka daren jarrabawa, wasa ba zai cece ka ba."

Wani tsohon ɗalibi bai yarda gaba ɗaya ba. A cewarsa, mai zanen 3D a manhajar SolidWorks yana amfana da katin hoton, don haka a fara tambayar sashe manhajojin da za a yi aiki da su. Ni ma nan na karkata.

Abin da aka fi yarda da shi: RAM 16GB da SSD 512GB sun fi fitilun ado muhimmanci. In ta hannu ce zai saya a Adum, ya buɗe Command Prompt a gaban mai shago ya rubuta:

```
powercfg /batteryreport
```

Wannan zai ajiye rahoton batirin a fayil ɗin battery-report.html, sai ya buɗe shi. Idan Full Charge Capacity, wato cajin da batirin ke iya ɗauka yanzu, ya faɗi zuwa rabin Design Capacity, wato wanda aka ƙera shi da shi, batirin ya gaji, a rage kuɗi ko ya bar ta.

Yaron dai ya tafi yana lissafi da yatsu.