Jiri da ɗaukewar al'ada: kitse ne ke narkewa ko jiki ne ke kuka?

Amarya: 'Yan uwa, wata uku ke nan ina rage ƙiba saboda biki, na sauko daga kilo 78 zuwa 63. Ƙwai ɗaya da kokwamba da shayin rage ƙiba nake yini a kansu. In na miƙe sai jiri, gashina na cika mataji, kuma wata biyu ban ga al'ada ba. Mai sayar min da shayin ta ce alamar kitse na narkewa ne. Haka ne?

Maman Biyu: Gaskiyarta. Ni ma na yi jirin a satin farko, daga baya ya wuce. Ki daure, ki ƙara shan ruwa.

Anti Nas: Maman Biyu, jirin kwana uku daban, na wata uku daban. Ƙanwata, irin shayin nan da yawa da filasko a ciki, gudawa yake sawa. Ruwa da gishirin jiki kike zubarwa, shi ya sa jininki ke sauka in kin miƙe. In sinadarin fotashiyam ya yi ƙasa, har bugun zuciya yana rikicewa. Ragi mai lafiya rabin kilo ne zuwa ɗaya a sati, da abinci mai ƙosarwa.

'Yar Auta: Gashin dai man shamfu ne. Nawa ma ya kakkarye da na sauya mai.

Anti Nas: Naki karyewa ya yi, nata daga tushe yake fita. In jiki ya shiga yunwa, gashi ba ya zuba nan take, sai bayan wata biyu zuwa uku. Ki duba lissafinta, daidai ya zo. Yakan dawo in ci ya gyaru, amma sai an yi watanni. Al'adar ce ta fi damuna. Ƙwaƙwalwa ce ta ga abinci bai isa ba, ta dakatar da sakin ƙwai, kuma sinadarin mata da ke ƙarfafa ƙashi yana raguwa tare da hakan.

Yaya Babba: To ba sai a ba ta maganin tsarin iyali jinin ya zo ba? Haka aka yi wa maƙwabciyata.

Anti Nas: Jini zai zo, Yaya, amma na magani ne, yunwar tana nan a ɓoye. Amarya, ki bar shayin yau, ki koma cin abinci sau uku da wake ko kifi ko nama. Ki je asibiti cikin satin nan a auna jininki da gishirin jiki, a duba ƙwayar tayirod da ke maƙoshi, kada ki jira sai al'adar ta yi wata uku ba ta zo ba. In kika suma ko zuciya na dukan uku-uku, a tafi nan take.

Amarya: Anti, tsoro nake. Yini nake ina kallon bidiyon girki, ko a sallah tuwo nake tunani, amma in na ci loma biyu sai in ji kamar na yi laifi.

Anti Nas: Wannan ki faɗa wa likita da bakinki, ya fi gashin muhimmanci.

Maman Biyu: Na yarda da batun shayin. Amma in ta koma ci sau uku, ba kilon zai dawo kafin biki ba? An riga an ɗinka kaya fa.