Zafin da ke hawa da sauka duk daƙiƙa huɗu, da sauran abubuwan da na'ura ta nuna mana alhali babu su

Nafi'u: Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwai da Arduino Uno da sansar zafi LM35. Wayar sansar doguwa ce, ta bi gefen wayar hita. Ina so zafin ya tsaya a digiri 37.5, amma abin da nake gani a allo yana hawa zuwa 39, ya sauko 36, ya sake hawa, kowane zagaye wajen daƙiƙa huɗu. Ma'aunin zafi na hannu da na saka a ciki bai ko motsa ba. Idan aka ɗauke wuta komai ya koma kan batir, layin sai ya miƙe sambal. Idan na ta da janareta kuwa, rawar ta ƙara sauri. Ga yadda nake karantawa:

```
float v = analogRead(A0) * 500.0 / 1024;
Serial.println(v);
delay(20);
```

Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, don Allah ya ba mu labarin yadda tasa ta kasance.

Injiniya Balarabe: Wa alaikumus salam. Nafi'u, sansarka lafiyarta ƙalau. Na gamu da wannan a wani sikelin auna buhuna, nauyi yana yawo alhali buhu na zaune. Wutar gari tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, wato kowane zagaye milisakan 20 ne. Doguwar wayarka tana kwasar ɗan burbushin wannan wutar daga wayar hita. LM35 tana ba da milivolt 10 ne a kan kowane digiri, don haka burbushin milivolt 15 kawai ya isa ya zama digiri ɗaya da rabi.

Yanzu duba lokacin da kake leƙa ta. Ka ce a jira milisakan 20, karatun kansa yana cin wajen 0.1, ya zama kana leƙawa duk milisakan 20.1. Duk leƙen da ka yi, igiyar ta riga ta kammala zagaye ɗaya ta ɗan gota da 0.1. Sai gocin nan ya taru sau 200 kafin ya cika zagaye guda, kuma 200 sau 20.1 daƙiƙa huɗu ne da 'yan kai. Ga daƙiƙa huɗunka nan. Igiyar 50 Hz ce ta fito maka da kamannin 0.25 Hz. Wannan shi ake kira aliyasin: sigina mai sauri ya shigo da sunan mai nawa, saboda ba a ɗaukar samfurinsa da saurin da ya kamata.

Gwada abu ɗaya kafin ka taɓa waya: mai da `delay(20)` zuwa `delay(17)`. Zafin gaskiya ba ruwansa da sau nawa ka dube shi. Idan rawar ta canja sauri, to ba a akwatin take ba.

Nafi'u: Allah ya saka da alheri, Injiniya. Na gwada. Hawa da saukar nan a hankali ta ɓace, yanzu karkarwa ce mai sauri.

Injiniya Balarabe: Haka ya kamata. Yanzu kana ɗauka wajen sau 58.5 a daƙiƙa, ka cire 50, saura 8.5. Janaretanka kuma in yana gudu a 52, da tsohon saitinka na 49.75 bambancin 2.25 ne, shi ya sa ka ga ta ƙara sauri.

Auwal: Ai maganin a fili yake. An koya mana a aji, ninki biyu ne. Wuta 50 ce, ka ɗauka sau 100 a daƙiƙa, magana ta ƙare. Ni haka na yi a aikina na shekarar ƙarshe, na auna wutar soket, kuma ya yi aiki.

Malama Rukayya: Auwal, ka yi sa'a ne, ƙanena. Ina koyar da wannan a ɗakin gwaji, kuma duk shekara sai na sa ɗalibai su gani da idonsu. Muna ba na'ura igiyar 50 Hz, mu ɗauka sau 100 cif. Samfur biyu ke faɗowa a kowane zagaye, kuma kullum a wuri ɗaya suke faɗowa. Wani rukunin nasu ya faɗa kan ƙololuwa da ƙasa, su sami cikakken tsayin igiyar. Wani rukunin ya faɗa a tsaka-tsaki, su sami rabi. Akwai waɗanda nasu ke faɗawa daidai inda igiyar ke ratsa sifili, sai su ga layi a miƙe, su fara jijjiga waya suna cewa ta tsinke. Sigina ɗaya, amsa uku, kuma daga lambobin kaɗai ba ka da hanyar sanin wa ke da gaskiya. Shi ya sa sharaɗin yake cewa saurin ɗauka ya wuce ninki biyu, `fs > 2·fmax`, ba a yarda da daidai-wa-daida ba. Da zarar ka ɗan haura, wurin faɗowar samfurin zai riƙa zagayawa a jikin igiyar har ya taɓa ko'ina.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne wannan `fmax` ɗin. Mutane suna ɗaukarsa a matsayin firikwensin da suke nema, alhali shi ne mafi girman abin da ya iso bakin na'urar, ko ka gayyace shi ko ba ka gayyace shi ba. Inbata mai arha da ke fitar da igiya mai kusurwa, bayan 50 akwai 150 da 250 da 350 a cikinta. Ka ɗauka sau 200 kana ganin ka ba da sarari, sai 150 ta naɗo ta sauka a kan 50, 250 ma ta sauka a kan 50. Su cakuɗa da ta gaskiyar, awonka ya tashi ko ya faɗi, kuma babu wata rawa da za ta tona musu asiri.

Auwal: Na yarda da batun sifili, Malama. Amma har yanzu ina ganin 101 ya cika sharaɗi.

Malama Rukayya: A takarda ya cika, in igiyar tsantsa ce. Sai dai zana ɗigon ka gani: tsayinsu zai riƙa kumbura yana motsewa, kuma sai ka tara samfur na lokaci mai tsawo kafin lissafi ya dawo maka da igiyar. Shi ya sa masu ƙera kaya ke barin tazara. Faifan CD samfur 44,100 ne a daƙiƙa, alhali kunnen mutum iyakarsa wajen 20,000. Layin tarho 8,000 ne, amma ana yanke murya tun daga 3,400, ba a bari ta kai 4,000.

Sadiya Mai Sauti: Ni ban san lissafinku ba, amma kunnena ya sha wannan. Aikina haɗa sautin talla da sanarwa. Wani ya kawo aikin saƙon murya da za a ɗora a layin waya, aka ce dole ya zama 8,000, ni kuma a 48,000 na naɗa. Yaron da ke taimaka mini da kwamfuta ya ce abu mai sauƙi, a ɗauki ɗaya a zubar da biyar:

```
y = x[::6]
```

Da muka saurara, muryar tana nan, amma duk inda mai magana ta ce "sannu" ko "shekara", sai wani ƙaiƙayi kamar ana goga ƙarfe ya biyo bayan harafin. Na kwana ina yanka da ikwalaiza. In na rage ƙarar, muryar ta dushe tare da ita. In na dawo da muryar, ƙarar ta dawo. Daga baya wani tsohon ma'aikacin rediyo ya ce in saka sautin gwaji mai hawa daga ƙasa zuwa sama in bi da shi ta wannan hanyar. Wallahi sai na ji sautin ya hau, ya hau, ya kai wani wuri ya juyo yana sauka da kansa. Ya ce wurin juyawar nan 4,000 ne. Muka koma kan asalin naɗin muka yi da wannan, ƙarar ta tafi:

```
y = scipy.signal.decimate(x, 6)
```

Injiniya Balarabe: Hajiya Sadiya, labarinki ya fi bayanina. Harafin "s" da "sh" suna da ƙarfi mai yawa a sama da 4,000. A saurin 8,000, sautin 5,000 yana dawowa 3,000, na 6,000 ya dawo 2,000, na 7,000 ya dawo 1,000, tsakiyar inda murya take. Bambancin umarnin biyu shi ne na biyun yana tace na saman kafin ya zubar da samfur. In an riga an ɗauka, kamar gishiri ne ya narke a miya, ba cokalin da zai tsamo shi.

Nafi'u, wannan ya shafe ka kai tsaye. Kada ka ce za ka tara karatun `delay(20)` ka raba don rawar ta kwanta. Wutar gari ba ta zama a 50 cif. Ranar da ta sauko kusa da 49.75, rawar za ta yi nawa har ta kusa tsayawa, na'urarka ta daɗe tana ganin 36 alhali 37.5 ne, ta bar hita a kunne a kan ƙwai. Sa rizista 10k a kan wayar sansar, da kafasita 10µF daga `A0` zuwa ƙasa, dab da allon Arduino. Wannan yana fara yanka daga wajen 1.6 Hz, kuma yana rage 50 Hz kusan sau 30. Milivolt 15 ya koma rabin milivolt, ƙasa da abin da Uno ke iya gani, tunda matakinsa ɗaya kusan milivolt 5 ne. Ka kuma raba wayar da ta hita.

Malama Rukayya: Ni da zan ƙara da karatu mai sauri, kamar sau 1,000 a daƙiƙa, a tara na kowane milisakan 20 a raba. Cikakken zagaye yana soke kansa.

Injiniya Balarabe: A wutar gari, na yarda, Malama. A janaretan da ke yawo tsakanin 47 da 53, sokewar ba ta cika. Ni dai kafasita na fi amincewa da ita.

Baba Ɗanjuma: Yara, ni na ga kuna maganar abin da ke juyawa ne na shigo. Jikata ta ɗauki bidiyon fankar tsaye da waya, sai ga fuka-fukai suna komawa baya a hankali. Na ce mata wayar ce ta lalace. Ko kuwa mai gyaran fankar ne ya juya waya?

Malama Rukayya: Baba, ba wanda ya yi laifi, kuma ba ka ɓata hanya ba, maganar ɗaya ce. Waya tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa. A ce fankar mai fiffike uku tana juyi 20 a daƙiƙa: tsakanin hoto da hoto ta yi kashi biyu cikin uku na zagaye, kowane fiffike ya tsaya a gurbin ɗan'uwansa, sai ka ga kamar a tsaye take. In juyi 19 take yi, kowane hoto sai ta gaza kaiwa gurbin da ɗan kaɗan, ido kuma ya ɗauka baya take ja.

Baba Ɗanjuma: To madalla, 'yata. Amma na yi shekaru ina tuƙin babbar mota, kuma da idona, da rana tsaka, na sha ganin tayar motar da ke gefena tana juyawa baya. Babu kyamara a wurin.

Injiniya Balarabe: Baba, da a ce da dare ne ƙarƙashin fitilar da ke ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, da na ce fitilar ce ke yanka maka hoton. Na rana kuwa masu binciken gani sun rabu. Wasu na cewa ƙwaƙwalwa ma guntu-guntu take ɗauka, wasu na cewa sassan da ke gane motsi ne ke gajiya har na kishiyar hanya su rinjaya.

Nafi'u: Na sa rizista da kafasita, na mai da `delay(20)` yadda yake don in gwada da gaske. A wutar gari karatu ya tsaya, mataki ɗaya kawai yake ɗan motsawa. A janareta ma haka. Abin da ya rage, duk lokacin da rilen hita ya buga, sai lamba ɗaya ta yi tsalle ta dawo. Shi ma aliyasin ne, ko wani abu ne daban?

Injiniya Balarabe: Wannan daban ne, ya fi kama da tartsatsin rile yana shigowa ta wutar da ke ciyar da allon. Turo hoton yadda ka haɗa rilen, musamman inda ƙasansa ya haɗu da na Arduino.