"Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba": wa ake ja wa kunne?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum. Jiya na raka kawuna sasanta wasu ma'aurata a unguwarmu, sai na ji ya ce musu, "Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba." Matar ta yi murmushi kamar ita aka ba gaskiya, mijin ma ya gyaɗa kai kamar shi aka ba. To wa karin maganar nan ke ja wa kunne, mai yin gyaran ko wanda aka yi wa?

Mai Kabu-kabu:
Ai a fili take. Kaya shi ne aure. Ana nufin in aure ya karkace a gyara shi, kada a sauke a rabu.

Tsohon Mushe:
Ɗana, ka hau hanya amma ka wuce kwana. "Raba" ɗin nan ba rabuwar aure ba ce, rabon kaya ne. Ka ɗauka ranar Alhamis ce, mutum ya koro jakinsa daga ƙauye zai Kasuwar Dole, mangala ta karkace gefe guda, shi bai lura ba don yana ta sauri. Kai da ke bayansa ka ce, "Malam, gyara kayanka." In mai zargi ne sai ya harare ka, a ransa yana cewa ido ka sa wa hatsinsa. Alhali ko tiya ɗaya ba ka roƙa ba, gudun kada ya zube masa kake. Saboda haka asalinta wanda aka yi wa gyara ake ja wa kunne: kada ka ɗauki mai ba ka shawara a matsayin mai neman cin rabonka.

Uwar Biyu:
Mushe, haka ni ma na san ta, har ranar da aka jefe ni da ita a tsakar gidanmu na Mirya. Bari in ba ku labarin, ku yanke da kanku.

Aurenmu na shekara 7 a lokacin, muna haya a Zango, maigidan yana walda. Kullum da safe zai aje mini jika 2 a kan firji, na cefane da komai. Da bazara ta kama, kun san halin Damagaram, famfo ya ɗauke, sai mun sayi ruwa wajen 'yan garuwa, su kuma kullum kuɗin jarka ƙaruwa yake. Kuɗin ruwan nan daga cikin jika biyun nake cira. Ban faɗa masa ba. An raine mu a kan ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sai na riƙa rage nama, daga baya na daina saye ɗungurungum, har na taɓa kuɗin adashena. Wajen mako 5 ina haɗiyewa, ina ganin ai yana da ido, ya kamata ya gani da kansa.

Wani dare ya shigo da ƙaninsa, na kawo musu tuwo da miyar kuka lami. Ya ɗaga murfin kwano, ya juya miyar da cokali, ya ce, "Wannan miya ce ko ruwan wanke-wanke?" Ƙanin ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Wallahi ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na ce namijin da ya kasa shayar da gidansa ba shi da bakin kushe miya. Na tono gadon da babana ya saya, na tono ragon sunan da aka ci bashi, har abin da uwarsa ta ce mini ina jego shekara 4 baya. Shi kuma ya ce daman gidanmu ba a koyi tarbiyya ba. Na ce in ya haifu ya sake ni. Ya jawo littafin lakwal na 'yarmu, ya yago takarda, ya rubuta saki ɗaya. Da asuba na goya ƙaramin, na ja hannun babbar, sai tasha.

Kwana 19 na yi a gida kafin ya zo biko da kawunsa. Gwaggona ce ta zaunar da mu, tsohuwa mai sayar da daddawa, ba ta taɓa shiga aji ba. Ba ta ce kowa ya yi haƙuri ba. Cewa ta yi, "Nawa ne kuɗin?" Muka yi zuru. Ta ce kuɗin ruwan da ya kawo wannan duka, nawa ne a yini? Na lissafa da yatsu, dala 60. Kawun ya tafa hannu yana salati. Shi maigidan sai a ranar ya fara jin cewa daga kuɗin cefane ake sayen ruwa, don shi a garejinsu yake wuni, yana dawowa ya tarar da randa cike.

Sai ta ce masa ya maimaita abin da na faɗa a daren. Ya ce, "Ta ce ni ba namiji ba ne." Na yi caraf na ce ni nufina kuɗin ba sa isa. Gwaggo ta juyo kaina, ta ce, "Nufinki ke nan, amma shi kika faɗa? An ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, gaskiya ne. To ke ba gyara kayanka kika ce ba, zuwa kika yi kika ture jakin." Ta koma kansa: "Kai kuma miya ce ba ta yi maka ba, ko 'yata kake son ƙaninka ya yi wa dariya?"

Shi ya sa nake ganin karin maganar baki biyu gare ta. Ba ta kare mai gyara sai in da gaske kayan ya nuna, ba mai kayan ba.

Mai Kabu-kabu:
Dala 60! Ko lita guda ta mai ba za ta saya ba. Amma Hajiya ki yarda ke kika fara, ke kika roƙi saki.

Uwar Biyu:
Na roƙa, ban musa ba. Alƙalamin dai ba a hannuna yake ba.

Na Garin Malam:
Kalmar nan "in ka haifu ka sake ni" ta kashe aure da yawa, don tana mai da saki gwajin mazantaka. Allah ya taimake ku ɗaya ya rubuta. A mazhabar Malikiyya da muke bi, saki uku a kalma guda uku ne, kuma fushin da mutum yake cikin hayyacinsa ba ya hana saki aukuwa. Da uku ya zuba a takardar nan, da hikimar Gwaggo ba ta da wurin aiki. Da yake ɗaya ne, yana da damar kome matuƙar ba ki gama idda ba, wato tsarki 3 ga wadda ba ta da ciki, ba sabon sadaki ba sabon ɗaurin aure. Sai dai igiya ɗaya ta tafi ke nan, saura 2, kome ba ya dawo da ita.

Tafiyarki Mirya kuwa al'ada ce, ba shari'a ba. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ cewa ta yi kada a fitar da su daga gidajensu, kada su ma su fita. Zaman da aka yi muku, mutum guda daga danginsa da guda daga naki, shi ne ke aya ta 35 a Suratun Nisa'i. Abin takaici sai takarda ta fita muke tuna ta, alhali ayar tun ana tsoron ɓaraka take magana.

Tsohon Mushe:
Na karɓi gyara, kuma ban ce an zo raba mini kaya ba. Amma ina nan kan bakata cewa asalin maganar ga mai sauraro take. Gwaggo dai ta san hannunta, ta juya ta ta yi yanka da gadon wuƙar. Abin da nake son ji, bayan kome fa? Sulhu a gaban manya kowa ya iya shi.

Uwar Biyu:
Ai ba mu daina faɗa ba, Mushe, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Abin da ya canza shi ne yadda ake yinsa. Gwaggo ta ɗora mana sharaɗi: ba a gaban kowa ba, ba a sa iyaye a ciki, kuma magana ɗaya a zama ɗaya. Wanda aka yi wa ƙorafi sai ya maimaita abin da ya ji, mai ƙorafin ya ce e haka nake nufi, kafin ya kare kansa. Da farko abin kamar wasan yara, har kunya yake ba ni.

Wata 2 da komawata aka gwada mu. Ya koma zaman fada, suna shan shayi da abokansa har tsakar dare. A da cewa zan yi, "Kai ba ka damu da mu ba." Wannan karon na bari ya ci tuwo, yara suka yi barci, na ce, "Baban Nana, dare 3 a makon nan ka wuce sha biyu, shekaranjiya yaron nan ya kwana da zazzaɓi, ni kaɗai, ba wanda zan aika kanti." Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce, "Ke ma ai lokacin da kika tafi Mirya..." sai ya tsaya, ya kurɓi ruwa. Can ya ce, "Kina nufin in bar abokaina." Na ce a'a, sake dai. Ya ce, "Kina nufin dare na yi miki tsawo in yaro ba lafiya." Na ce yauwa. Nan ne ya gaya mini abin da ban sani ba, cewa rabin aikin ƙofofi da tagogin da yake samu a fadar nan ake haɗa shi da masu su. Ni na so ya riƙa shigowa ƙarfe 10 kullum, shi ya ƙi. Muka tsaya a kan Alhamis da Asabar nasa ne, sauran dare kuma salularsa a kunne. Ban samu duk abin da na so ba, kuma ranar na kwana da ɗan haushi.

Tela 'Yar Sabon Gari:
Ni sharaɗin magana ɗaya a zama ɗaya ne bai kwanta mini ba. Maza shi suke so. Da ka taɓo tsohon laifi sai a ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To in laifin bara shi ne dai na bana fa? Nawa mijin sau 4 yana cin bashin kuɗin ɗinkina, ko sau ɗaya bai biya ba. In ban haɗa su ba ta yaya zai ga hali ne, ba tsautsayi ba?

Uwar Biyu:
Yaya, naki ai magana ɗaya ce, bashi, ko sau goma ne. Ki kawo su duka da ranakunsu. Abin da aka hana mu shi ne ana maganar miya in jawo ragon suna don in rufe masa baki. Maganar da uwarsa ta yi mini ina jego, ita ma ba a binne ta ba, zama na daban muka yi mata bayan sallar layya. Ya ce bai san ta yi mini ciwo haka ba, amma har yau bai yarda tsohuwar ta yi laifi ba.

Tela 'Yar Sabon Gari:
Naki yana tsayawa ya saurara. Nawa ina cewa "Malam, ina da magana" zai zura takalmi.

Ɗan Birni:
Na koma wajen kawu da tambayar bayan la'asar. Ya ce shi da matar yake, don mijin ne ya ce ta rage yawon biki ta ɗauka korarta yake. Na ce to ai ita ta fi kowa murmushi. Ya ce in kawo masa buta.