Tambarin tasha mai motsi na sakan huɗu: me kuke rubuta wa mai aikin?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ina da tashar girke-girke a YouTube, na ba wani yaro aikin motsa tambarina, wanda zai riƙa fitowa a farkon kowane bidiyo. Tambarin tukunya ce da murfi, sunan tasha a ƙasa. Na ce masa ya yi shi ja, gajere, da ɗan sauti mai daɗi. Ya kawo min abu na sakan goma sha ɗaya, ja jawur kamar tumatirin gwangwani, da ƙara kamar jirgi zai tashi. Sau uku muna gyara, yanzu ya ce sai na ƙara kuɗi. Waɗanda suka taɓa bayarwa ko karɓar irin wannan aiki, me ake rubutawa tun farko?

Edita Fagge: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki yi haƙuri, amma yaron yana da gaskiya rabi. Shekaruna bakwai ina wannan aiki, kuma duk rigimar da na yi da kwastoma daga kalmomi irin naki ta taso: ja, gajere, mai daɗi. Jan da ke zuciyarki wataƙila na zoɓo ne, nasa na tumatir, kowa kuma ja ya ce. Launi da lamba ake bayar da shi. Ki koma wurin wanda ya zana miki tambarin ya ba ki lambar kowane launi, mai farawa da alamar #. Misali ja mai duhu kamar zoɓo zai iya zama `#8B1A1A`, bango mai ruwan madara kuma `#F5E6C8`. Idan lamba tana kan takarda, babu sauran "ba haka nake nufi ba".

Ɗan Sabon Gari: Wannan mai sauƙi ne ai. Ni mai buga takardu ne, duk tambarin da ya biyo ta hannuna ina da lambobin launinsa. Ki karɓo a wurin wanda ya buga miki sitika.

Edita Fagge: A'a Alhaji, naku na CMYK ne, na tawada a kan takarda. Allon waya da haske yake aiki, RGB ake so. An taɓa kawo min lambobin maɗaba'a, na juya su, koren kamfanin ya fito a dushe, mai shi ya rantse na canja masa launi.

Ɗan Sabon Gari: To na ji. Amma dai ku ma in kun kawo mana naku haka muke fama.

Zee Kamara: Ni nawa darasin a kan fayil ɗin tambarin ne. Wata ƙungiya ta turo min nasu ta WhatsApp a matsayin hoto, wanda ma daga kan kalanda aka ɗauke shi. WhatsApp yana matse hoto, ina ƙara masa girma gefensa ya farfashe. Kuma hoto dunƙule yake, ba ka iya ɗaga murfi daban da tukunya. Kwana biyu na yi ina sake zanawa kyauta. Yanzu sharaɗina na farko: fayil ɗin zane na asali da ba ya farfashewa in an ƙara masa girma, wato SVG ko AI na manhajar Adobe Illustrator, kowane ɓangare a rabe, a turo shi ta Document. Sannan Maman Ilham, in sunan tasharki yana da ƙ, ɗ ko ɓ, ki rubuta cewa dole su fito da lanƙwasarsu. Yawancin haruffan ado ba su da su, sai ki ga akwati a wurin ƙ, ko mai aikin ya mayar da ita k ya yi shiru.

Edita Fagge: Bari in nuna miki yadda zan rubuta naki. Da waya kike ɗauka ko? To mai yiwuwa firem 30 ne a sakan, wato hotuna 30 a jere cikin kowane sakan, amma ki duba saitin kyamarar. Sakan huɗu ke nan firem 120, kuma da firem za a yi maganar lokaci. Daga farko zuwa firem na 10, bango ne kawai. Daga 10 zuwa 45 tukunya ta zana kanta. Murfi ya sauko da sauri ya zauna daidai kan firem na 55, a nan ne sautin "ƙwal" zai faɗa, kada ya riga shi kada ya makara. Daga 55 zuwa 75 suna ya bayyana. Daga 75 zuwa 110 komai ya tsaya cak. Goman ƙarshe ya dushe.

Wannan tsayuwar ita mutane suka fi mantawa. Mai aiki yana son nuna gwaninta, sai ya cinye lokacin duka wajen juyi da walƙiya, tambarin ya haɗu na ƙiftawar ido ya ɓace. Ki nemi aƙalla sakan ɗaya cur da tambarin ke tsaye ana iya karanta suna. Gwajina shi ne in nuna wa wanda bai san tashar ba sau ɗaya, in tambaye shi sunanta.

Dalilin da na tambayi adadin firem: na taɓa ba wani aiki a kan 25, wanda shi muka saba da shi a talabijin, ya ɗora a bidiyonsa na 30. Manhajar sai ta riƙa maimaita firem ɗaya cikin kowane biyar don ta cike giɓi, motsin ya riƙa ɗingishi. Laifina ne, ban tambaya ba.

Baban Sadik: Ni fa na bikin ƙanwata minti ɗaya da rabi aka yi, da hotunan ango da amarya suna juyawa, kowa ya yaba. Me ya sa za a taƙaita?

Zee Kamara: Baba wancan buɗe faifan biki ne, sau ɗaya ake kallo. Nata a kan kowane girki zai fito. Ni ma huɗun ta yi min yawa, uku nake yi.

Malam Mai Sauti: Ku bar ni da ɓangarena. Akwai wanda ya ce in yi masa sauti mai nauyi, na yi gurnani mai zurfi, a sutudiyo har tebur yana rawa. Ya saurara a wayarsa ya kira ni wai fayil ɗin babu sauti. Lasifikar waya ba ta iya fitar da ƙasan sauti irin wannan. Tun daga nan duk abin da na haɗa sai na ji shi a ƙaramar waya kafin in tura. Naki ma Hajiya ba sai an je nesa ba, ki ɗauki ƙarar murfin tukunyarki na gaske a ɗaki shiru, ba mai irinsa kuma ba mai cewa nasa ne. Ki rubuta a ba ki sautin daban, WAV a kan 48 kHz, kuma kada ƙarfinsa ya wuce na muryarki da za ta biyo baya, don mai abin kunne kada ya zabura. A bar wutsiyar sautin ta mutu kafin firem na 120, in ba haka ba za a ji an datse ta.

Abu ɗaya kuma da ba a tambaya sai an yi ɓarna: kiɗa ko babu kiɗa. Na taɓa sa kalangu a tambarin tashar karatu, aka dawo min da shi da nasiha a kai.

Sai dai ban yarda da Edita ba kan tsara firem kafin sauti. A fara yin sautin, mai motsi ya bi shi, ya fi zama daram.

Edita Fagge: Malam, in waƙa ce ko kiɗa mai tsawo na yarda. Bugu ɗaya na murfi kuwa, ja shi za ka yi zuwa firem na 55, shi ke nan.

Malam Mai Sauti: Har sai ranar da kwastoma ya ce a ƙara firem biyar, ka turo min da tsakar dare.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Tambaya ɗaya: ina so wani lokaci tambarin ya fito a kan hoton abincin, ba bango. Yaron ya ce MP4 zai ba ni.

Zee Kamara: MP4 ɗin da aka saba ba ya riƙe bango marar launi, baƙi zai fito a bayansa. Ki ce ya ƙara miki fayil ɗin MOV na ProRes 4444 mai alfa, wato wanda ake ganin abin da ke bayan tambarin, amma ki gwada shi a manhajar da kike haɗa bidiyo kafin ki biya, don ba kowace waya ke buɗe shi ba. Ki nemi na kwance 1920×1080 da na tsaye 1080×1920, kuma ki rubuta gyara sau nawa ke cikin kuɗin. Ni biyu nake bayarwa, na uku da kuɗinsa.

Maman Ilham: Kin goyi bayan yaron ke nan. To bari in kira shi, in ya ɗauka.