Wasiƙar da zan rubuta wa madam ɗin 'yata

Maman Hadiza, Birni: Salamu alaikum 'yan uwa. 'Yata tana CE1. Tun da ta yi sanƙarau kunnenta na hagu ya daina ji, na dama lafiya lau, likitan kunne ya ba mu takardar awo. Madam ta zaunar da ita can baya don tana da tsawo, kuma kullum sifili a dikte. Me zan rubuta mata ba tare da ta ga kamar ina koya mata aiki ba?

Abdu Tela: Allah ya ƙara sauƙi. Ki ce kawai a sa ta layin farko, shi ke nan.

Mushe Lawali, mai ritaya: Malam Abdu, gaba ɗin ma suna suka tara. In aka ajiye ta gaba ta hannun dama, kunnen mai ji bango zai fuskanta, an yi ba a yi ba. Hajiya, ki faɗi wurin ƙarara: tebur na biyu, ɓangaren hagunta in ta fuskanci allo, don kunnen dama ya kalli madam da sauran yara. Na biyu ya fi na farko, domin tana ganin bakin madam ba sai ta ɗaga kai ba, kuma in an ce a buɗe kaye za ta ga na gabanta sun buɗe. In taga mai kallon titi tana wannan gefen, a matsar da ita ciki kaɗan, ƙarar kabu-kabu tana cinye magana.

Dikte kuwa, mu malamai mun saba karantawa muna zagaya aji. Da madam ta bi ta hagunta ko ta bayanta, jimlar ta wuce ta. Sai ki rubuta: "Ina roƙon alfarma, lokacin dikte a tsaya gabanta, a yi magana yadda aka saba, ɗaga murya ba ya ƙara mata komai. In an tambaye ta ko ta ji, za ta ce e don kunya, gara a ce ta maimaita abin da aka faɗa." Shafi ɗaya ya isa, da Faransanci. Ki haɗa da fotokofi na takardar likita, ki kai da hannunki bayan an tashi, darekta ma ya samu tasa, don baɗi wani malamin ne.

Inna Rabi: Jikana ma kunnensa ya yi ta ruwa, ɗigo aka ba mu ya warke. Kin gwada?

Maman Hadiza: Inna, nata ba ruwa ba ne, likita ya ce jijiya ce. Mushe, na gode. A gaya wa 'yan ajin?

Mushe Lawali: Ni zan gaya wa maƙwabciyar teburinta kawai, a zaunar da ita ta damanta.

Zeinabu Zango: Ni dai ban yarda ba, Mushe. Yaro ɗaya ya sani, gobe duk lakwal na kiranta kurma. Ki fara tambayar Hadiza tukuna.